Takardu Biyu a Aljihun Riga Ɗaya

A ƙarshen shekarar 2019 na yi kusan mako uku ina yawo da takardu biyu a aljihun gaban rigata. Ɗaya ta gurbin karatun mastas ce a jami'ar da na yi digirin farko, fannin kimiyyar abinci. Ɗayar ta ɗaukar aiki ce a wani kamfanin sarrafa shinkafa da ke wajen birnin Kano, a matsayin mai duba ingancin kaya, albashi naira dubu 70 a wata. Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, inda na shekara ina karɓar alawus na 19,800, don haka dubu 70 ɗin nan a idona kamar dukiyar Ƙaruna take.

Kawuna, ƙanin Inna, malami ne a kwalejin ilimi, kuma shi ya riƙe karatuna tun rasuwar mahaifinmu. Da na kai masa takardun, ko kallon ta kamfanin bai yi ba. Ya ce: "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kai da ka fita da sakamako mai kyau, malamanka sun san fuskarka, kanka bai huce ba, me za ka je yi cikin buntu? In ka ɗanɗana albashi ba za ka dawo ba. Na ga irinku da yawa."

Yayana kuwa, wanda ke da rumfa a kasuwar Dawanau, da na same shi lissafi kawai ya yi mini. Ya ce in faɗa masa kuɗin rajista, na faɗa. Kuɗin ɗaki, kuɗin mota, abinci, na faɗa. Ya tambayi kuɗin bincike, na ce ban sani ba tukuna. Ya ce: "To wa zai biya? Kawu saura shekara huɗu ya yi ritaya, ga 'ya'yansa uku a makaranta. Ni ka san halin da nake ciki. Kuma in ka gama, wa ya ce maka aiki na jiranka?" Inna ba ta shiga maganar ba. Abin da ta ce kawai shi ne in yi istihara, kuma kada in bar Kawu ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido.

Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, ni kaina ban san abin da nake nema a mastas ɗin ba. A fom an ce in rubuta ɓangaren da nake son yin bincike a kai, na kwafi abin da na yi a furojet ɗin ajin ƙarshe, na ɗan sauya kalmomi. Na cike fom ɗin ne tun ina bautar ƙasa don tsoron zaman gida. Ina gudun ranar da za a tambaye ni "me kake yi yanzu?" in rasa amsa. "Ina mastas" amsa ce mai rufin asiri, kuma da yawa daga cikin waɗanda muka cike fom tare wannan ne dalilinsu, ko da ba za su furta ba.

Aminina, wanda muka yi ɗaki ɗaya tun aji biyu, shi nasa daban ne. Tun muna ɗalibai ya san koyarwa a jami'a yake so, kuma a wannan hanyar babu kwana-kwana. Mai digirin farko, in an ɗauke shi ma, matsayin mataimaki mai neman horo yake samu, ana jiransa ya kawo mastas. Da mastas ake zama ƙaramin malami, sannan sai da digirin dakta ake hawa sama sosai. Duk shekarar da ya yi a waje, a wurinsa jinkiri ce kawai. Shi ya biya rajista bai ko waiwaya ba. Ni na je na durƙusa gaban Kawu na ce ya ba ni shekara biyu, zan dawo. Ya ce: "Allah ya sa." Yadda ya faɗe ta, na san bai yarda ba.

Na fara aiki a lokacin da harkar shinkafa ke tashe. An rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, shinkafar waje ta yi wuya, injinan gida suka koma aiki dare da rana. Manyan motoci na layi a ƙofa da shanshera daga Kura, daga Haɗeja, daga Kebbi, har daga Taraba. Aikina na farko shi ne in hau mota in soka buhuna in ɗebo samfur, in auna danshi da mita, in duba tsakuwa da ƙaiƙayi da jar ƙwaya, in rubuta nawa za a rage wa mai kaya. A makaranta na san shanshera tana son danshi kashi 14 cikin 100 kafin a ajiye ta ko a cashe ta. Abin da ba a koya mini ba shi ne yadda zan tsaya gaban dillalin da ya haife ni in ce masa kayansa kashi 19 ne, yana rantsuwa kwana uku ya shanya. Haka kuma ba a koya mini cewa buhunan bakin mota busassu ne, jiƙaƙƙun suna can tsakiya ba. Wani tsohon lebura ne ya nuna mini. Ya ce in riƙa cusa hannu cikin buhun tsakiya, in na ji ɗumi, to kayan sun fara zufa.

Wata uku da fara aikina aka rufe makarantu saboda korona, ga kuma yajin aikin malaman jami'a da ya fara a watan Maris na 2020 bai ƙare ba sai Disamba. Aminina ya biya kuɗi, ya kama ɗaki, ya shiga aji bai fi sau goma ba, ya tattaro ya dawo gida. Mu kuwa da yake abinci muke yi, injinmu bai tsaya ba. Ba zan ɓoye ba, a wannan shekarar na riƙa jin kamar ni ne mai wayo. Har na taɓa tura masa kuɗin kati ina jin wani abu a raina wanda yanzu nake kunyarsa. Ban hango komai ba, sa'a ce kawai ta faɗo a gefena.

A shekara ta biyu ne na gamu da abin da ya mayar da ni makaranta. Bari in ɗan yi bayanin aikin, don sai da shi za a gane.

Shinkafar da muke fitarwa gumammiya ce. Ana jiƙa shanshera a ruwan zafi na wasu awanni, a turara ta, sannan a busar da ita kafin a kai ta injin casa. In ta fito daga turare danshinta ya haura kashi 30, kuma dole a sauko da shi zuwa wajen 14. A wurinmu, cikin kowane kilo 100 na shanshera, kusan 20 buntu ne, wajen 8 dussa, wani abu ya tafi a datti, a samu shinkafa kilo 65 ko kusa da haka. Ribar kamfani tana cikin yawan ƙwayar da ta fito lafiya a cikin kilo 65 ɗin nan, domin karyayya kuɗinta ya yi ƙasa sosai. A ranaku masu kyau karyayyarmu ba ta wuce kashi 5 ko 6. Sai muka shiga wani lokaci tana kai 14, wata rana 16. Manaja ya ɗora wa masu injin casa, aka sauya robobin ɓare buntu, aka daidaita duwatsun goge ƙwaya, babu canji. Aka koma zargin masu kawo kaya.

Ni da nake riƙe da littafin awo, sai na fara jera ranakun. Na lura karyayyar tana hawa ne a makonnin da oda ta yi yawa. Da na bi dare na tsaya wajen na'urar busarwa, na ga dalili. Ƙa'ida ita ce a busar da ita zuwa wajen kashi 18 ko 20, a tsaya, a bar ta ta huta a rumbu na wasu awanni, sannan a ƙarasa a hankali. Hutun nan shi ke ba danshin da ke tsakiyar ƙwaya damar fitowa ya daidaita da na bayanta. In aka zarce da zafi ba hutu, bayan ƙwayar ya bushe ya takura alhali cikinta da ruwa, sai ta tsage tun tana cikin ɓawonta. Ido ba ya gani. Sai ka ɓare ta da farce ka haska da tocila za ka ga layin tsagar a kwance. Tana shiga injin casa ta rabu biyu. Masu aikin dare, don su cika adadin da aka yanka musu, sun daina ba ta hutun, suna ƙara wuta.

Na kai wa manaja, aka dawo da hutun, karyayya ta sauka. Amma sai ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a wuya: "To awa nawa ya isa? Kowace awa da ta zauna a rumbu kuɗi ce. Huɗu? Takwas? Kuma sifi da jamila duk ɗaya ne?" Na ce: "Ranka ya daɗe, ban sani ba." Ina da lambobi na wata goma sha huɗu a littafi, amma ban san yadda zan tsara gwajin da zai raba tasirin hutu da na zafin iska da na irin shinkafar ba. Ranar ce karo na farko da na ji ina son mastas don wani abu da zan iya faɗa da baki a jimla ɗaya.

Sai dai shekara biyun da na yi wa Kawu alkawari ta kusa cika, kuma abin da ya faɗa ya fara tabbata. Na yi aure a 2021. Albashi ya kai dubu 120, na saba da shi, gidanmu ma ya saba. Kuɗin makarantar ƙannena biyu ya dawo kaina ba tare da an zauna an ce ya dawo ba. A 2022 aka sake shiga yajin aiki, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, na samu uzurin da zan fake da shi. A shekarar muka samu 'ya. Duk sallah in na je gaida Kawu sai ya ce: "Malam manaja, ya buntu?" Daga nan ba ya ƙara komai.

Da na tashi komawa da gaske, na kusa yin kuskuren da ya fi kowanne. Akwai mastas iri biyu, kuma ba kowa ke bambance su ba sai ya shiga. Akwai na ma'aikata, irin na harkar gudanarwa da makamantansu, wanda ake yi da yamma ko Asabar da Lahadi, kuɗinsa ya fi yawa, bincikensa gajere ne. Akwai kuma na ilimi zalla, mai cikakken bincike da kare kundi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Na farkon shi ya dace da mai aiki, kuma har na sayi fom ɗinsa. Aminina ne ya tare ni. Ya ce: "Kai da kake da tambayar shinkafa, me za ka yi da wannan? Kuma ka sani, yawancin jami'o'i ba sa karɓarsa kai tsaye in ka zo neman dakta." Da burina kujerar manaja ce kawai, da wancan ɗin ya fi mini. Na bar kuɗin fom ɗin ya tafi, na nemi na biyun.

Nan na fara biyan bashin shekarun da na yi a waje. Ana son wasiƙun shaida daga malamai. Wanda ya duba furojet ɗina ya tafi hutun shekara a wata jami'a, wata malamar ta yi ritaya, na ukun ya dube ni ya ce in tuna masa wace shekara na gama. Aminina a lokacinsa a yini ɗaya ya haɗa nasa. Sannan ga maganar lokaci. Ma'aikacin gwamnati, in an tabbatar da shi a aiki, yana iya neman hutun karatu har da albashi. Malamin jami'a ko kwalejin gwamnati yana iya samun tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. A kamfaninmu babu ko ɗaya. Manaja ya ce mini ƙarara: "Ba na hana ka karatu, amma ba zan biya ka kana aji ba." Muka daidaita a kan in koma aikin dare kwana huɗu a mako, in bar shugabancin sashen da aka fara yi mini maganarsa. Wani da na koya wa riƙe mita aka ba.

Na fara shiga aji a 2023, daidai lokacin da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu. Kuɗin motar da na lissafa a takarda ya ninka kafin in gama zangon farko. Ina tashi daga aiki shida na safe, in yi wanka a kamfani, in kama hanya, ƙarfe tara ina aji. Darasin ƙididdiga shi ya fi wahalar da ni. Yaran da suka gama bautar ƙasa jiya suna bin malam tiryan-tiryan, ni kuwa alamomin ma sai da na koma littafin aji uku na tuno su. A gwajin farko na ci 9 cikin 30. Wata yarinya da na girme ta da shekara shida ita ta riƙa zama da mu bayan la'asar, mu uku magidanta, tana maimaita mana. An ce taura biyu ba ta taunuwa. Ni dai na tauna, amma haƙorana sun ji a jikinsu, kuma maiɗakina ta fi ni ji, don ita ta yi shekara guda tana rainon yarinya da mijin da in ya shigo gida barci kawai yake yi.

Da aka zo zangon bincike sai abin ya juya. A nan ne mastas ke cin mutane, ba a aji ba. Na ga waɗanda suka yi wata shida suna kai take ana dawo da su, don ba su da abin da ke damunsu, suna jira malam ya ba su. Wanda aka ba shi take kuma sai ya tarar yana buƙatar na'urar da babu ita a sashen, ko sinadarin da kuɗinsa ya fi ƙarfinsa, ya zauna. Ni ranar da na fara zama da sufabaizana na ajiye masa littafin awona. Ya yi shiru yana buɗawa, ya ce: "Wannan duk kai ka rubuta?" Cikin mako biyu muka tsayar da tsari: iri biyu na shinkafa, zafin iska mataki biyu, hutu na awa sifili, huɗu da takwas, kowane haɗi a maimaita shi sau uku. Gwaji 36 ke nan. Shanshera kamfani ya ba ni, mita da sikeli da ƙaramin injin casa na gwaji duk muna da su a ɗakin awonmu. Abin da abokan karatuna suka kashe dubbai ɗari a kai, ni kusan kuɗin buga takarda kawai na biya.

Kuma na gane abin da shekara uku a bakin inji ba ta koya mini ba. Littafin da nake alfahari da shi, sufabaiza ya nuna mini ba zai iya tabbatar da komai ba, domin a ranakun da aka hana shinkafa hutu a ranakun ne kuma aka ƙara wuta, ba a san wanne ya yi ɓarnar ba. Sai an riƙe ɗaya a sauya ɗaya. A sakamakona, yawancin amfanin hutun yana samuwa ne a awa huɗun farko, abin da takwas ta ƙara kaɗan ne, in dai ba a tsananta zafi a zagaye na biyu ba. Na kai wa manaja amsar tambayar da ya yi mini shekara uku baya. Ya karanta shafin ƙarshe kawai, ya sa aka sauya jadawalin rumbu.

Aminina fa? Karatun da aka ce masa shekara biyu ne ya ci kusan huɗu, bai karɓi sakamako ba sai 2023. A tsakani ya koyar a makarantar kuɗi a kan dubu 25. Ya taɓa gwada neman aikin banki da na wani babban kamfani, ya tarar masu ɗaukar sababbin ma'aikata suna yanke shekaru, 26 ko 27, shi kuwa ya wuce, ga shi ba shi da shekarun aikin da zai nemi matsayi na sama. Wannan ƙofar ta rufe masa yana cikin aji. Amma wadda yake so ta buɗe: wata jami'ar jiha ta ɗauke shi ƙaramin malami, yanzu ya yi nisa a dakta. Albashina ya fi nasa har gobe. Shi kuma zai riga ni zama dakta da shekaru, in ma na taɓa zama. Mun taɓa zama muka yi lissafin a kan tabarma, kowa na ƙoƙarin nuna ɗan'uwansa ne ya ci riba, aka kira magariba ba mu gama ba.

Na kare kundina a 2025. Kawu ya riga ya yi ritaya, amma ya sa babbar riga ya zo ya zauna a benci a waje har aka gama. Da na fito na durƙusa na gaishe shi, ya karɓi kundin ya juya shi, ya karanta taken a hankali, ya ce: "Ashe buntun ma da karatu a cikinsa." Sai ya ƙara: "Saura dakta. Wannan karon kada ka ce mini shekara biyu."

Sufabaizana ma ya ce in dawo da wuri, akwai sauran aiki a kan shinkafar rani da ke zuwa a bushe ƙarau. Wata guda bayan haka mai kamfani ya kira ni ofis ya ce suna buɗe sabon inji a Jigawa, yana so in je in riƙe sashen sarrafawa gaba ɗaya, da gida da mota, amma babu maganar aikin dare ko zuwa aji. Na ce: "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu." Da na dawo gida maiɗakina ta ga takardu biyu sun leƙo daga aljihun rigata, ta zaro su ta karanta, ta mayar, ta ce abinci na kan tabarma.